Gilashi mai warwatsa haske

Gilashi mai warwatsa haske shi ne wanda tsakiyarsa ta fi gefensa siranta, kuma a ilmin kimiyya an tabbatar cewa, muddin abin da ake dubawa na zahiri ne, ba ya haifar da surar haƙiƙa, wato wadda ake iya kamawa a kan allo. Dalili kuwa shi ne, haskokin da suka taso daga ɗigo guda suna isa gilashin suna rarrabuwa, shi kuma sai ya daɗa karkatar da su waje, har ba su da inda za su haɗu a bayansa, alhali haɗuwar ita ce sharaɗin samuwar surar haƙiƙa.

Ana bayyana wannan da zane ta hanyar layuka biyu daga ƙololuwar abin. Na farko yana tafiya daura da layin tsakiya, ya fita tamkar daga matattarar F ta ɓangaren abin ya taso. Na biyu yana ratsa cibiyar gilashin bai karkata ba. Da yake ba su haɗuwa, sai a mayar da na farko baya da layin ɗigo-ɗigo, inda ya gitta na biyu kuwa nan surar take, ƙarama, a tsaye, tsakanin F da gilashin.

Lissafi ma ya gaskata hakan: a ƙa'idar 1/v = 1/f − 1/u, idan f = −10 cm, u = 30 cm, to v = −7.5 cm, girman surar kuma rubu'in na abin. Da irin wannan gilashi ake yin tabarau ga masu gajeren gani.