Daga almakashi zuwa PNG: tarihin cire bayan hoto

Dillalin da ya ɗauki hoton farin bijimi a Karar Wudil ranar Juma'a, ya kai wa mai haɗa fosta ya ce "a cire mini bayansa", ya nemi aikin da ya girmi kwamfuta. A da, da almakashi ake bin jikin hoton a yanke shi, a manna a kan wata takarda. Almakashi bai san rabi da rabi ba, don haka gashin jela yakan tafi da bayan.

A ƙarshen shekarun 1970, Ed Catmull da Alvy Ray Smith suka ƙara wa kowane ɗigon hoto lamba ta huɗu, alfa, mai nuna yadda yake rufe abin da ke ƙarƙashinsa. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin ɗora hoto kan hoto. GIF na 1989 launi ɗaya kawai yake iya ɓoyewa, shi ya sa bakinsa ke fitowa da kaushi. PNG na 1996 ya zo da matakin alfa 256. JPEG kuwa ba shi da alfa har yau.

Duk da haka, matsalar baki ba ta kau ba, domin ɗigon da ke iyakar jikin bijimin gauraye ne:

```
C = αF + (1 − α)B
```

C ne launin da kyamara ta ajiye, F na bijimin, B na bayansa. A ce hasken fatarsa 240 ne, inuwar da ke bayansa 40, ɗigon kuma rabi da rabi: kyamara za ta ajiye 140. In aka bar shi haka a kan farar fosta mai haske 255, ɗigon da ya kamata ya kai wajen 248 zai tsaya a 140, sai layi mai ruwan toka ya zagaye dabbar. Manhajojin waya na yanzu suna yankan nan take, amma C kaɗai suke gani. Sauran ukun kintata su suke yi. Kwalbar zuma ta fi wuya, saboda gilashi yana lanƙwasa abin da ke bayansa, alfa kuwa ba ta adana lanƙwasa.

Saboda haka mai neman aikin ya faɗi launin fostar tun farko, a ɗauki hoton a gaban bango mai kusan wannan launi. Ya nemi PNG mai alfa, da inuwa a fayil dabam, a turo masa ta Document a WhatsApp, don turawa a matsayin hoto tana iya cinye alfar. Kafin ya biya kuɗi, ya ɗora shi a kan baƙi, sannan a kan fari. Farin zobe yana bayyana a kan baƙi, mai duhu kuma a kan fari, gara a gan su a waya kafin a buga fosta.