Duƙar da Kiɗa a Ƙarƙashin Murya: Nazarin Lokacin Saki a Tallar Rediyo ta Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabarar da ke rage ƙarar kiɗa da kanta duk lokacin da mai magana ya buɗe baki, wadda muka kira duƙar da kiɗa. Ta nuna cewa zurfin ragin abu ne mai sauƙin lissafi, amma tsabtar magana ta fi dogara ga lokacin saki, wato tsawon lokacin da kiɗan ke ɗauka kafin ya koma yadda yake.

Gabatarwa

Idan sauti biyu suka haɗu a zango ɗaya, mai ƙarfin yakan danne mai rauni a kunnen mai saurare. Wasula suna da ƙarfi, ba su cika ɓacewa ba. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f ne ke fara nutsewa, alhali da su ake rarrabe kalmomi. Goge da sarewa sun fi ganga cin murya, domin amonsu yana tafiya ba yankewa a inda maganar take. Ƙa'idojin WCAG na kula da masu raunin ji sun nemi sautin baya ya kasance ƙasa da magana da aƙalla desibel 20. Mai talla ba zai yarda kiɗansa ya zauna can ƙasa daga farko har ƙarshe ba, shi ya sa ake duƙarwa.

Lissafin zurfi

Na'urar matse sauti tana sauraron murya, amma kiɗa take matsewa. A ɗauki tallar sakan 30, muryar tana kaiwa desibel -14, an sa iyakar farawa a -30. Muryar ta haura iyakar da desibel 16. Idan rabon matsewa 4:1 ne, 16 ɗin nan za a mayar da shi 4, saboda haka kiɗa zai sauka da desibel 12. Ga yadda ake rubuta shi a FFmpeg, inda 0.0316 yake daidai da -30:

```
ffmpeg -i kida.wav -i murya.wav -filter_complex \
"[1:a]asplit[a][b];[0:a][a]sidechaincompress=threshold=0.0316:ratio=4:attack=20:release=600[k];[k][b]amix=inputs=2:normalize=0" talla.wav
```

Idan kiɗan tun asali yana ƙasa da murya da desibel 8, tazarar ta zama 20 ke nan. Sai dai lissafin yana bin ƙarfin murya. Da mai gabatarwa ya sassauta zuwa -22, ragin ya koma desibel 6 kacal, wato kiɗa ya fi tasowa a daidai inda maganar ta fi rauni. Don haka a fara daidaita muryar kanta tukuna.

Lokacin saki

A nan aiki yake lalacewa. Maganar mutum cike take da ƙananan giɓi. A kalmomi kamar tattara da kakkarya, baƙin da aka ninka yana tsayar da iska na ɗan lokaci, na'ura kuwa ba ta san bambancin wannan da ƙarewar jimla ba. Idan an sa saki a milisakan 100, kiɗan zai riƙa leƙowa a tsakiyar kalma da tsakanin kalmomi, ya taso ya koma kamar mai haki. Mafi muni, yakan taso daidai kan baƙin farko na gaɓar da ke biye, kafin na'urar ta sake danne shi. Alamar ita ce a kashe muryar a saurari kiɗan da aka duƙar shi kaɗai. In ana iya ƙirga kalmomin mai magana daga rawar ƙararsa, sakin ya yi gajarta.

Saki mai tsawon gaske ma yana da nasa aibu. In ya kai sakan 3, kiɗa ba zai farfaɗo ba a hutun da aka bar masa tsakanin sunan kaya da adireshin shago. Milisakan 600 da muka sa a misalin ya fi giɓin kalma tsawo, ya kuma gaza hutun da aka yi da gangan. Mai magana a tsanake, irin mai karanta sanarwar ɗaurin aure, zai buƙaci fiye da haka.

Audacity ya bi wata hanya a Auto Duck. Ragin tsayayye ne, -12 in ba a canza ba, kuma Maximum pause na sakan 1 yana hana kiɗa tasowa a duk shirun da bai kai haka ba. Tunda a kan sautin da aka riga aka ɗauka yake aiki, yana iya fara saukar da kiɗa rabin sakan kafin kalmar farko, abin da na'urar shirin kai tsaye ba za ta iya ba sai da jinkiri. A ganinmu wannan ya fi dacewa da talla. Sharaɗinsa shi ne layin murya ya kasance kai tsaye a ƙarƙashin layin kiɗa, kuma kada sautin numfashi ko ƙarar janareta a cikin muryar ya haura Threshold, domin in ya haura, kiɗan zai zauna a duƙe ko babu mai magana.