Konto 42 na Manoel Joaquim Ricardo: Dukiyar Wa Aka Ƙirga?

Tun da João José Reis ya fitar da bincikensa kan Manoel Joaquim Ricardo (2014, 2016), labarin wannan Bahaushe ya zama sananne ga masu nazarin tarihin fatauci: an kai shi Bahia ta ƙasar Barazil yana bawa a farkon ƙarni na 19, ya yi kasuwanci tun yana hannun ubangidansa, ya sami ƴanci a 1841, ya rasu a birnin Salvador a 1865 yana cikin masu hannu da shuni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata fahimta da nake ji a Yamai, mai cewa wasiyya da lissafin tarika sun isa su nuna ranar rasuwar attajiri da iyakar arzikinsa, har a jera Ricardo da fataken Kano da Damagaram a ce wane ya fi wane. Ina ganin an yi gaggawa.

Batun rana ba shi da wuya. Kwanan watan da ke jikin wasiyya shaida ce kawai cewa mutum yana raye a ranar, domin yana iya ƙara shekaru bayanta. Abin dubawa shi ne bayanin da ake rubutawa sa'ad da alƙali ya buɗe wasiyyar, kuma a Bahia akan buɗe ta da wuri saboda a cikinta mamaci yake faɗin yadda za a yi jana'izarsa. Sai a gwada wannan da furucin mai kula da tarika da kuma rajistar binnewa ta coci. Saɓanin kwana ɗaya ba abin damuwa ba ne, galibi tazarar rasuwa da binnewa ce. Reis ya ba da 20 ga Yuni, 1865.

Gardamar tana kan dukiya. Lissafin tarikar ya kai konto 42, wato reyis miliyan 42, ya ƙunshi gidaje huɗu da bayi fiye da ashirin. Ricardo ya bar mata ɗaya, da ƴaƴa maza uku da mace ɗaya. Wanda ya saba da fiƙihun Malikiyya zai ɗauka duk kuɗin na mamaci ne, matar ta karɓi tumuni, ƴaƴa su raba saura, namiji rabon mata biyu. Dokar Barazil ta wancan zamani, wadda ta gada daga Fotugal, ba haka take ba. Muddin ba a ƙulla wata yarjejeniya kafin aure ba, dukiyar miji da mata a haɗe take, kuma lissafin tarika yana ƙirga ta duka. Rabi na matar ne tun asali, ba gado ba ne.

Mu ɗauka auren Ricardo ya bi wannan ƙa'ida, mu kuma ajiye bashi da kuɗin kotu a gefe. Matar za ta cire konto 21. Daga 21 da suka rage, sulusi ne kawai yake da ikon yin wasiyya da shi, wato bakwai. Sauran 14 ƴaƴa huɗu za su raba daidai wa daida, uku da rabi kowanne, ba bambanci tsakanin mace da namiji. Ashe abin da za a kira tarikarsa a ma'aunin alƙalin Kano bai wuce rabin adadin da ake ambatawa ba.

Wani abokin aiki ya ƙi yarda da wannan. Hujjarsa ita ce rabon na takarda ne kawai: mijin ne ke juya dukiyar yana raye, don haka konto 42 ɗin ne ƙarfinsa a kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, domin dokar ta ba miji ikon tafiyar da dukiyar gida. Amma idan ƙarfin kasuwa ake nema, lissafin tarika ya fi rauni a nan. Yana nuna abin da aka tarar ranar da masu ƙiyasi suka shigo, a gidan tsohon da ya daɗe yana mayar da riba zuwa gidaje da mutane. Hajar da ta shiga ta fita cikin shekaru arba'in ba ta barin sawu a ciki, haka ma bashin amana da ba a rubuta ba. Sannan bayan an hana shigo da bayi Barazil a 1850, farashinsu ya tashi ƙwarai, saboda haka wani kaso na adadin 1865 tashin farashi ne, ba cinikin Ricardo ba. Ba kuma zan iya karanta wannan jeri hankali kwance ba: mutumin da aka taɓa sayarwa ne ya bar mutane an sa musu kuɗi kusa da gidaje.

Ba na cewa kwatanci haramun ne. Da'awata ba ta kai can ba: kafin a ɗora adadin Salvador kusa da na Kano ko Damagaram, sai an tabbatar ko jimla ce kafin cire bashi ko bayansa, an kuma ware rabon matar. A ɓangarenmu ma sai an san ko alƙali ya ƙirga gida da gona, ko kuwa abin da aka kawo gabansa kaɗai ya rubuta.