Ajiyar Fetur ɗin Janareta a Yankin Kazaure

A ƙananan hukumomin Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa na Jihar Jigawa, ƙananan janaretocin shaguna da injinan ban-ruwa galibi fetur suke sha. Manyan injina kuwa gas suke amfani da shi, wato dizal, wanda kan kai wata 6 zuwa 12 a ajiye.

Fetur bai kai gas jure ajiya ba. A rufaffiyar jarka cikin inuwa yana yin wata 3 zuwa 6, amma a tankin janareta yakan fara lalacewa bayan kamar wata 1. Zafin bazara na Maris zuwa Mayu yana gaggauta hakan: sassan man masu saurin kama wuta suna tashi, sauran ya haɗu da iska ya zama danƙo mai toshe kafireta. Ana gane lalataccen fetur idan launinsa ya yi duhu, warinsa ya yi tsami, injin kuma ya ƙi tashi sai da cok.

Manomin rani da zai jingine injinsa da damina ya kamata ya juye tankin, ya kunna injin har ya mutu da kansa. Kada a ajiye jarka a ɗakin kwana ko kusa da murhu.