Ladabi da Ciko: Abin da Ya Kamata a Yanke Wajen Gyaran Wasiƙar Hausa

Duk wanda ya saba duba wasiƙun da ake rubuta wa hakimai, shugabannin ƙananan hukumomi da na makarantu ya san wata fargaba da ke kama marubuci idan aka ce ya rage tsawon takardarsa. Gani yake kowace kalma da aka cire, an cire wani yanki na girmamawa, har takardar ta fita tsirara ta je gaban babba. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa fargabar ta samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. A rubutun Hausa ladabi yana zaune a wurare kaɗan sanannu: gaisuwa da laƙabin da aka buɗe da su, sigar aikatau da aka yi roƙo da ita, da sallamar da aka rufe da ita. Ciko kuwa, wato kalmomin da ba su ƙara labari ba su kuma ƙara girmamawa, ya fi taruwa a tsakiyar takarda. Mai gyara da ya san wannan bambanci zai iya zubar da fiye da rabin kalmomin jimla, ta fito ta fi da ladabi.

A ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Shugaban wani kwamitin unguwa yana son rubuta wa hakimi kan rijiyar da ta lalace, sai ya zuba wannan jimla: "Ina mai amfani da wannan dama domin in sanar da kai cewa, kamar yadda kowa ya sani, a halin da ake ciki yanzu rijiyar burtsatse wadda take ita ce kaɗai a unguwarmu ta samu matsala ta lalacewa, wanda hakan ya sa muke ganin cewa ya zama wajibi mu rubuto domin neman a ɗauki matakin gudanar da gyara." Kalmomi 57 ke nan a numfashi ɗaya, kuma sai mai karatu ya wuce 23 kafin ya ci karo da rijiyar. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A rufe kowane yanki da yatsa, a karanta sauran da babbar murya, a yi tambaya biyu: shin wani labari ya ɓace, shin kuma matsayin mai rubutu a gaban wanda yake rubuta wa ya sauya? "Ina mai amfani da wannan dama" ya faɗi a duka biyun, don babu wata dama sai takardar da ke hannu. "A halin da ake ciki yanzu" bai faɗi abin da "ta lalace" bai faɗa ba. "Ta samu matsala ta lalacewa" aikatau ɗaya ne aka yi wa rawani, haka ma "ɗauki matakin gudanar da gyara", wanda "gyara" kawai yake nufi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne wasu daga cikin kalmomin da marubucin ya ɗauka ladabi ne, ɓata ladabin suke yi. "Kamar yadda kowa ya sani" yana nuna wa hakimi cewa kowa ya ji labarin, shi ma ya ji, amma bai motsa ba. Zargi ne a lulluɓe. "Ya zama wajibi mu rubuto" yana da ƙamshin gargaɗi, kamar an ce haƙuri ya ƙare. Ga kuma "sanar da kai", inda aka tsaya ido da ido da babba ba tare da laƙabi ko addu'a ba. Jimlar doguwa ce, amma a cikin kalmominta 57 wuri ɗaya kawai aka rusuna, wato "a" ɗin nan ta "a ɗauki". Idan aka gyara za ta iya komawa haka: "Ranka ya daɗe, rijiyar burtsatse ɗaya tak da muke da ita a unguwarmu ta lalace. Muna roƙo a taimaka a gyara mana ita." Kalmomi 23 ne a jimla biyu, kuma uku daga cikinsu sababbi ne da aka ƙara don girmamawa. Filin da aka samu sai a zuba abin da hakimin yake bukata don ya yi aiki: tun yaushe ta lalace, famfon ne ya tsaya ko injin, gidaje nawa ke sha daga gare ta.

Akwai kuma yankan da ya wuce kima, kuma shi ne ya sa mutane ke tsoron gyara. Wanda ya ji an ce gajarta alheri ce zai iya mai da jimlar ta zama "Rijiyarmu ta lalace. Ka gyara ta." Labarin bai ɓace ba, amma tambaya ta biyu ta kama shi, don talaka ya koma mai ba hakimi umarni. Nisan da ke tsakanin "ka gyara" da "a gyara" harafi ɗaya ne a takarda, sai dai a kunnen Bahaushe babba ne. Wakilin sunan nan "a" yana ɗauke yatsa daga kan mutum, ya bar masa sarari ya sa wani ya yi, ko ya jinkirta ba tare da an ce ya ƙi ba. Ana iya jera matakan: "gyara", "ka gyara", "ku gyara", "a gyara", "a taimaka a gyara", "ko za a taimaka a gyara". Daga na farko zuwa na ƙarshe kalmomi biyar kawai aka ƙara, amma an tashi daga maganar ubangida da yaronsa an kai ga maganar talaka da sarkinsa. Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabi a harshe, sun bayyana irin wannan dabara da cewa kare mutum ne daga jin an tilasta shi. Hausa tana yin ta da nahawu, shi ya sa ba ta cin fili.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan ra'ayi mai ƙarfi ne. Za a ce Bahaushe ba ya faɗa wa bukata kai tsaye. Wanda ya je gidan babba sai ya tambayi kwana, gajiya, iyali da aiki, wani lokaci ma sai ya miƙe zai tafi sannan ya ce "af, da ma wata 'yar magana ce". Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su, kuma gaggawar faɗin bukata tana iya taɓa duka biyun. Wannan gaskiya ne, shi ya sa mai gyara bai kamata ya taɓa gaisuwar buɗewa ba. Amma gaisuwar baki musaya ce: a tambaya, a amsa, kowa ya ji muryar ɗan'uwansa. A takarda babu mai amsawa, don haka gaisuwar da ta kai sakin layi biyu ta zama mutum yana gaisa da kansa, babban kuwa yana jira da tarin takardu a gabansa. Layi ɗaya ko biyu, da "bayan gaisuwa da fatan alheri", sun sauke nauyin. Ban da haka, cikon da aka yanke a misalin rijiya babu gaisuwa ko ɗaya a cikinsa.

Ƙorafi na biyu shi ne son gajarta baƙuwar ɗabi'a ce, irin wadda Ernest Gowers ya koya wa ma'aikatan gwamnatin Birtaniya a littafinsa na 1948, kuma bai dace a ɗora shi a kan Hausa ba. Tarihin wasiƙa a ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan ba. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, galibinsu gajeru ne: daga wane zuwa wane, gaisuwa da addu'a, sai maganar da ta kawo takarda, sai sallama. Wannan tsari ne ya bar wa Hausa "bayan haka" da "haza wassalam". Idan akwai baƙo a takardun yau, shi ne cikon kansa. "Dangane da batun da ke sama", "ina mai amfani da wannan dama", "gudanar da", "ɗaukar mataki", duk an kwaso su ne daga Turancin ofis da fassarar labarai ta gaggawa. Mai yanke su yana mai da takarda kusa da yadda ake magana a zaure ne.

Inda ra'ayin ke bukatar taka-tsantsan shi ne ƙananan kalmomin nan da Paul Newman ya lissafa a nahawunsa na 2000: dai, fa, kuwa, kam, ma da kuma. Ga mai ƙidayar kalmomi sun yi kama da ciko, tunda jimla tana tsayawa ba su. Amma "muna dai roƙo" ya fi "muna roƙo" sassauci, don "dai" ta amsa cewa hukunci na mai karatu ne, yayin da "muna fa roƙo" ta ɗauki kashedi. Ɗaya ana barinta, ɗaya ana cire ta, kuma kunne ne kawai zai raba. Haka "don Allah": sau ɗaya a wurin roƙo ladabi ne, sau huɗu a shafi ɗaya ta zama bara, ta kuma rage wa kwamitin unguwa ƙima a idon wanda yake neman taimako a wurinsa. Gutsuttsura jimloli ma yana da iyaka. Idan aka sare "saboda", "amma" da "sai dai" don kowace jimla ta tsaya a kalma biyar, takarda takan fito kamar umarnin fareti. Abin da ake so shi ne kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya, kuma a iya karanta ta a numfashi ɗaya ba a koma baya neman inda aka faro ba.

Nau'in takarda ma yana sauya lissafin. A wasiƙar ta'aziyya addu'o'in su ne saƙon, don haka tambaya ta farko ce ke kare su. A wasiƙar ƙin amincewa, misali shugaban makaranta yana shaida wa uba cewa ba a ɗauki ɗansa ba, gajarta kan ji kamar rufe ƙofa a fuska. A nan jimlar godiya da jimlar dalili suna da aiki, kuma "a yi haƙuri" ba ta yankuwa. Ko a nan akwai abin cirewa: kewaye-kewayen da ke ɓoye amsar har uba ya kai ƙarshen shafi bai gane an ƙi ko an karɓa ba, ya biya kuɗin mota ya zo makarantar don ya tambaya.