Kula da man suya

Kula da man suya shi ne jerin matakan da mai suya ke bi domin man da ake maimaita suya da shi ya daɗe bai lalace ba, da kuma gane lokacin da ya kamata a daina amfani da shi. Matakan sun haɗa da daidaita wuta, tacewa, ajiya da ƙara sabon mai. A birnin Katsina lamarin ya fi shafar masu sana'ar ƙosai, awara, fanke, doya da kifi, waɗanda ke suya a buɗaɗɗen kasko bisa itace, gawayi ko gas. Mayukan da aka fi amfani da su su ne man gyaɗa na gida, wato man ƙuli, da man kamfani na jarka, sai kuma manja.

Yadda mai ke lalacewa

Abubuwa uku ne ke lalata man suya: ruwa, iska da zafi. Ruwan da ke fita daga ƙullun ƙosai ko awara yana farfasa ƙwayoyin man, wannan ne ke sa tsohon mai ya soma hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Iskar oksijin kuma tana haɗuwa da man da ke saman kasko, ta haifar da sinadaran da ke kawo wari da maƙaƙi a maƙogwaro. Shi kuwa zafi mai tsawo yana sa ƙwayoyin da suka lalace su manne da juna, sai man ya yi kauri da danƙo. Baƙin danƙon da ke kama gefen kasko daga nan yake fitowa.

Wasu abubuwa suna hanzarta lalacewar. Diddigar abinci da ta zauna a gindin kasko tana ci gaba da ƙonewa, tana baƙanta man. Tagulla da tsatsar ƙarfe suna ƙara saurin haɗuwar mai da iska, shi ya sa ba a so a yi suya a kasko mai tsatsa. Barin mai a kan wuta babu komai a ciki, kamar lokacin jiran masu saye, yana cikin abubuwan da suka fi cin ransa, domin lokacin ne zafinsa ke wuce kima.

Zafin da ya dace

Yawancin suya ana yin ta ne tsakanin digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Selshiyas. Tataccen man gyaɗa na kamfani ba ya soma hayaƙi sai wajen digiri 230, amma wanda ba a tace ba yakan soma tun wajen digiri 160, don haka man ƙuli ya fi bukatar a sassauta masa wuta. Inda babu ma'aunin zafi, ana ɗiga ɗan ƙullu a ciki. Idan ya taso cikin 'yan daƙiƙoƙi yana tsuwa, man ya yi daidai. Idan ya zauna a ƙasa, da sauran zafi, kuma abincin zai sha mai. Idan ya yi duhu nan take, sai a janye itace.

Tacewa da ajiya

Ana tsame diddiga da matsami bayan kowace kwasa, sannan a tace man gaba ɗaya idan an tashi. Akan bar shi ya huce har ya zama ɗumi, domin mai zafi yana ƙona mutum, mai sanyi kuma ba ya saurin ratsa mataci. Sai a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariyar ƙarfe, a tsiyaye man a hankali, a bar baƙar lakar da ta kwanta a gindi a zubar da ita. Dole ƙyallen da mazubin su bushe sarai, domin ɗigon ruwa yana sa man ya yi tsalle idan an mayar da shi wuta.

Ana ajiye shi a rufe, a inuwa, cikin mazubin da haske ba ya ratsawa. Wannan ya fi muhimmanci a bazara, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke kai wa digiri 40, da kuma hunturu saboda ƙura. Man da aka soya kifi da shi akan ware masa mazubi nasa, saboda ƙarnin yana bin duk abin da aka soya bayansa.

Tacewa tana da iyaka. Abin da take cirewa shi ne gutsattsarin abinci kaɗai. Sinadaran lalacewa sun riga sun narke a cikin man, suna ratsa ƙyalle tare da shi. Saboda haka man da aka tace zai iya fitowa garau alhali ya riga ya gaji.

Ƙarin sabon mai

Abincin da ake soyawa yana shan mai, sai a cike gurbin da sabo. Yawan wannan ƙarin ne ke bambanta kasko da kasko. A ɗauka mai ƙosai tana da lita 5 a kasko, kuma kullum ƙosai yana shan lita ɗaya da rabi, ta cike da sabo. Bayan kwana ɗaya kashi 70 cikin 100 na man farko ne ya rage, bayan kwana biyu kashi 49, bayan kwana uku kusan kashi 34. Wata kuma mai lita 5 da cinikinta ke cin rabin lita kawai, bayan kwana uku har yanzu kusan kashi 73 na man kaskonta tsoho ne, kuma ya fi daɗewa kan wuta yana jiran masu saye. Wannan ne dalilin da ya sa ba a iya ƙayyade adadin kwanakin da ya dace da kowa, kuma mai ƙaramin ciniki gara ta yi amfani da ƙaramin kasko. Ƙarin sabon mai yana jinkirta lalacewa ne kawai. Idan man ya riga ya lalace, zuba sabo a kansa asarar sabon ce.

Alamomin lalacewa

Babbar alama ita ce hayaƙi a wutar da aka saba suya da ita, musamman mai yaji a ido. Yajin yana zuwa ne daga sinadarin akrolin. Alama ta biyu ita ce ƙananan kumfa masu taruwa su rufe abincin, ba sa fashewa da wuri. Sai kauri, inda man ke sauka daga matsami a hankali yana yauƙi, da wari, da ɗaci a cikin abin da aka soya. Ƙosan da aka soya a irin wannan mai yakan yi baƙi a waje tun cikinsa bai nuna ba, ya kuma jiƙe takarda da mai.

Launi shi kaɗai ba hujja ba ne. Kayan yaji da kifi suna saurin baƙanta mai mai kyau, manja kuma dama ja ne. Haka nan sabon man ƙuli yakan yi kumfa a ɗorawar farko, abin da ke raguwa bayan ya yi zafi an soya albasa a ciki. Daskarewar manja lokacin sanyi ma ba lalacewa ba ce. Idan hayaƙi, kumfa mai naci ko kauri suka haɗu biyu, ko kuma wari ya bayyana, lokacin zubarwa ya yi.

Awo da doka

A masana'antu da manyan gidajen abinci ana tsoma wata na'ura a cikin man, ta nuna yawan sinadaran lalacewa da alamar TPM ko TPC. Jamus ta ɗauki kashi 24 cikin 100 a matsayin iyaka, Faransa da Sifaniya kashi 25, Indiya ma ta kafa kashi 25 daga shekarar 2018. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da ingancin man da ake sayarwa, amma masu suyar bakin titi da ido da hanci suke dogara. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa hayaƙin suya mai tsananin zafi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, abin da ya fi shafar mai suyar da ke shaƙarsa kullum.

Zubarwa

Ba a zuba tsohon mai a kwata, domin yana haɗuwa da ƙasa da shara ya toshe magudanar ruwa. Akan bar shi ya huce, a ɗura a jarka a rufe. Ana iya tace shi a yi sabulun wanki da shi ta hanyar haɗa shi da soda, a wasu ƙasashe kuma, kamar Indiya, ana tattara shi a sarrafa shi ya zama man dizal. Ba a sayar da shi ga wani mai suya, ba a kuma mayar da shi cikin miya.