Fassara Muƙami da Laƙabi a Ƙarshen Wasiƙar Imel

Ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi kan yi musayar wasiƙu da ƙasashen Larabawa, musamman kan aikin Hajji da neman gurbin karatu. Sa hannun da ke ƙasan wasiƙar imel shi ne yake nuna wanda ya rubuta ta da irin ikon da yake da shi. Saboda haka muna jawo hankalin jami'ai cewa aikin da mutum yake yi ake fassarawa, ba kalmar da ta yi kama da tamu ba.

Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, amma ma'anar wasunsu ta sauya. Idan Balarabe ya ce waziri, Minista yake nufi, alhali a wurinmu Waziri sarauta ce ta fada. Haka kuma hakim a Larabci yana iya zama mai mulkin jiha ko yanki baki ɗaya, Hakimi kuwa gunduma yake riƙe da ita a ƙarƙashin Sarki. Kalmar amir ma tana buƙatar lura, domin a Saudiyya ɗan gidan sarauta ake kira da ita, wato Yarima.

Mu ɗauki misalin darakta da ya aika wasiƙa da wannan sa hannu:

```
Director, Administration
for: Permanent Secretary
```

Fassarar da ta dace ita ce: Daraktan Mulki, a madadin Babban Sakatare. A Larabci ana kiran Babban Sakatare وكيل الوزارة, kuma wanda ya bi kalma da kalma zai mayar da shi "wakilin ma'aikata", ya rage masa girma zuwa na ɗan aike. Kalmar "for" kuwa ba a yar da ita, ko da wuri ya yi kaɗan. In aka bar ta, mai karatu zai ɗauka Babban Sakatare ne da kansa ya sa hannu, ya kuma ɗora masa alhakin abin da ke ciki. Idan "Ag." ne ya zo gaban muƙami, sai a rubuta Muƙaddashi.

Laƙabin girmamawa shi ma yana bin muƙami. "His Excellency" shi ne Mai Girma, ga Gwamna. Mai Martaba na Sarki ne, Mai Alfarma na Sarkin Musulmi, Mai Shari'a kuma na alƙalan manyan kotuna. Larabawa sun fi mu rarrabewa: Ma'ali ga Minista, Sa'ada ga Jakada ko Darakta, Fadila ga malamin addini.

Sarautun gargajiya irin su Galadima, Madaki da Ciroma ba ma fassara su. Ana rubuta su yadda suke tare da sunan masarauta, kamar Galadiman Katsina, sannan muƙamin ofis ya biyo a layi na gaba.